Yadda ake rubuta kan saƙon imel don darakta ya buɗe kafin lokaci ya ƙure

Wanda aiki ya yi wa yawa ba ya karanta akwatin imel ɗinsa, duba shi yake yi. Yana fitowa daga wani taro zai shiga wani, ya zaro salula, ya ja babban yatsa a kan gilashin, saƙonni suna wucewa. Abu uku yake gani a kowane saƙo: sunan wanda ya aiko, kan saƙon, da ɗan guntun layin farko na abin da ke ciki. Da waɗannan ukun yake yanke shawara ko ya buɗe yanzu, ko ya bari sai dare, ko ya wuce. Saƙon da aka ce sai dare kuwa, sau da yawa wasu talatin sun hau kansa kafin magariba.

Kan saƙo shi ne ɗan layin nan da ake cikewa a gurbin da aka rubuta Objet, ko Subject ga wanda na'urarsa ke Turanci. Za mu bi nau'in saƙo guda ne kawai, domin shi ya fi jawo asara idan aka yi sake: saƙon da ƙaramin ma'aikaci ke aika wa na sama da shi yana neman a yi wani abu cikin ƙayyadadden lokaci.

Mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. Wata ƙungiya tana da babban ofis a Yamai da reshe a Tawa. Mai kula da sayayya a reshen Tawa ya shirya takardar odar irin gero, tan 4, na ƙungiyoyin manoma a Keita, kuɗinsa sefa 2 400 000, lambar takardar BC-047. Ɗan kasuwar da zai kawo irin ya ce farashin da ya bayar yana aiki har ranar Laraba 14 ga Mayu da la'asar, kuma motarsa za ta yi lodi ranar Alhamis da safe. Takardar ba ta da ƙarfi sai darakta ta sa hannu, ita kuwa tana Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa, ba a leƙa ta a ofis a ce «Hajiya, ga takarda». Yau Litinin 12 ga Mayu, damina na ƙaratowa.

Kafin ka taɓa gurbin Objet

Fara rubuta jikin saƙon, ka bar kansa sai daga baya. Dalilin shi ne mutum yakan fara saƙo bai gama sanin abin da yake nema ba, sai ya kai sakin layi na uku sannan buƙatar ta fito fili. Wanda ya fara da kai yakan rubuta sunan batun kawai, irin su «Maganar iri», domin a lokacin abin da ke kansa ke nan.

Idan jikin ya kammala, amsa wa kanka tambaya uku, kowace da kalma biyu ko uku. Me nake so ta yi da hannunta? Sa hannu. A kan me? Odar iri ta Keita. Zuwa yaushe? 14 ga Mayu. Tambayar farko ce ke kayar da mutane. «Ta san halin da ake ciki» ba amsa ba ce, «ta duba» ma ba amsa ba ce, domin tana iya dubawa ta rufe kuma ta yi abin da aka roƙa. Nemi aikin da idan an yi shi za a ga alama: sa hannu, amincewa, zaɓi tsakanin abu biyu, biyan kuɗi, gyara. Idan ka rasa aikin da za ka ambata, to saƙonka na sanarwa ne, kuma ya kamata kansa ya faɗi haka tun daga kalmar farko don kada ya ci lokacin kowa.

Idan kuma amsar tambayar farko ta fito guda biyu, misali sa hannu a odar iri da kuma amincewa da hutun direba, raba su saƙo biyu. Kai ɗaya ba ya ɗaukar wa'adi biyu. Abin da kan faru shi ne a amsa wanda ya fi sauƙi, saƙon ya koma cikin waɗanda aka riga aka amsa, babban ya nutse tare da shi.

Haruffa talatin na farko

Salula a tsaye takan nuna haruffa kamar 30 zuwa 40 na kan saƙo, ta yanke sauran da ɗigo uku. Adadin yana sauyawa da faɗin gilashi da girman rubutun da mai wayar ya zaɓa, kuma manya da yawa suna ƙara girman rubutu saboda ido, wanda ke rage abin da ke fitowa. A kwamfuta akan ga wajen 60 ko fiye. Sarari tsakanin kalmomi ma harafi ne a wannan lissafi. Saboda haka ka ɗauka haruffa 30 kake da su tabbas, sauran kyauta ce.

Ga yadda mai sayayyan namu zai iya rubutawa idan ya bi salon wasiƙar ofis:

```
Dangane da maganar sayen irin gero na manoman Keita wanda ke jiran sa hannunku
```

Babu kuskure a jimlar, akwai ladabi, akwai komai. Amma ƙirga haruffa 34 na farko, sun ƙare a kan kalmar «gero». Abin da darakta za ta gani a salula shi ne «Dangane da maganar sayen irin gero…». Ta san maganar, an tattauna ta makon jiya, sai ta ɗauka ƙarin bayani ne. Abin da ake nema daga gare ta yana can bayan ɗigo uku. «Dangane da maganar» kaɗai ta cinye haruffa 18 ba ta faɗi komai ba. Haka «Game da», «Zuwa ga», «Ina mai sanar da ku». A Faransanci ma haka masu fara kai da dogon gabatarwa suke yi wa kansu.

Jeri mai aiki shi ne aiki a gaba, wa'adi na biye, batu a baya:

```
Don sa hannu kafin 14 Mayu 12h: odar iri Keita, BC-047
```

Haruffa 54 ne gaba ɗaya, kuma 31 na farko sun ƙare daidai kan «12h:». Ko salula ta yanke a nan, darakta ta san ana jiran hannunta kuma ta san zuwa yaushe. Idan harshen aikin ofis ɗin Faransanci ne, kamar yadda yake a yawancin ma'aikatun Yamai, jerin bai sauya ba:

```
Signature avant le 14 mai 12h : semences Keita, BC-047
```

Wani zai ce ai batun ya fi cancanta ya zo gaba, ta san a kan me ake magana. Akwai inda haka ya fi, wato idan wanda kake rubuta wa bai san ka ba. Baƙon suna da ya buɗe da «Don sa hannu» yana kama da masu damfara. Amma tsakanin ma'aikatan gida ɗaya, sunanka da ke saman layin ya riga ya yi rabin aikin batun: ta ga sunan mai sayayya na Tawa, ta san ba maganar albashi ba ce.

Lura da ƙaramar kalmar «Don» a farko. «Sa hannu kafin…» kai tsaye tana iya sauka a kunnen babba kamar umarni. «Don sa hannu» ko «Neman sa hannu» ta mayar da ita roƙo, kuma haruffa huɗu ko shida kawai ta ci. Gaisuwa kuwa, wurinta cikin jikin saƙo. Mun san da wuya Bahaushe ya tunkari babba bai gaishe shi ba, shi ya sa ake yawan ganin kai irin «Barka da aiki» ko «Salamu alaikum» ko Bonjour Madame. Sai dai darakta mai saƙo biyar masu kai «Barka da aiki» ba ta da hanyar sanin wanne ne ke ɗauke da tan 4 na iri. Ba rashin kunya ba ne a bar gaisuwa ta sauka layi ɗaya ƙasa. Rage mata wahalar nema shi ma girmamawa ne.

Wa'adi ne ke nuna muhimmanci, ba ihu ba

A nan aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan daɗe.

Hanya mafi sauƙi ta nuna cewa abu na sauri ne ita ce a rubuta URGENT da manyan baƙaƙe, ko GAGGAWA, a bi da alamar motsin rai uku. Matsalar kalmar ita ce ba ta da awo. Gaggawar wani awa biyu ce, ta wani mako guda. Darakta da ke da saƙo huɗu masu URGENT ba za ta iya jera su ba sai ta buɗe duka, kuma idan ta buɗe ta tarar biyu daga ciki maganar kujerun taron wata mai zuwa ce, ta koyi darasi a kan masu aiko su. Daga ranar, URGENT ɗinsu ya zama kamar sauran rubutu. Kwanan wata ba ya lalacewa haka. Idan ta ga «kafin 14 Mayu 12h» kusa da wani mai «kafin 20 Mayu», ta jera su a kanta ba tare da ta buɗe ko ɗaya ba.

Rubuta ranar da lamba da sunan wata. «Yau» da «gobe» da «jibi» suna rubewa: saƙon da aka aika Litinin da yamma mai cewa «gobe», idan aka gan shi Talata da safe, mai karatu zai ɗauka yana da sauran yini guda. «Laraba» kaɗai ta fi su, amma idan saƙon ya kwana biyu sai a fara tambayar wace Larabar. Lambobi zalla irin 03/04 suna da tasu matsalar idan akwai abokan aiki Amurkawa a layin, domin mu muna karanta 3 ga Afrilu, su suna karanta 4 ga Maris. Sunan wata yana kashe wannan rigima.

Sa awa idan awa tana da tasiri. Ɗan kasuwan ya ce Laraba da la'asar, me ya sa muka rubuta 12h? Domin bayan sa hannu akwai sauran aiki: sakatare ya ɗauki hoton takardar, ya turo Tawa, mai sayayya ya buga ta, ya kai wa ɗan kasuwa. Idan wuta ta ɗauke ko rezo ya yi rauni, awa biyu sun tafi. Wa'adin da ake rubutawa a kai shi ne lokacin da aikin mai karɓa ya kamata ya ƙare, wato wa'adin gaskiya a cire lokacin da kai kake buƙata bayansa. Wannan ragi halas ne, kuma a bayyana shi cikin jikin saƙo. Abin da ba halas ba shi ne a ƙirƙiro wa'adi, a rubuta Talata alhali har Juma'a ma babu laifi. Ranar da ta gane ta bar wani aiki ta yi naka a guje ba dalili, kwanakin da kake rubutawa sun bi sahun URGENT.

Idan saƙon zai ƙetare iyaka, tuna cewa agogon Nijar yana gaban na Dakar da Abidjan da Wagadugu da awa ɗaya. «12h Yamai» ta wadatar. Kuma kada ka ɗora wa'adi a kan Juma'a da yamma idan ma'aikatar gwamnati kake rubuta wa, don rabin yini ake yi. Wa'adin Juma'a na safe ne.

Wani lokaci abin da zai faru idan an makara ya fi awar ƙarfi, kuma idan gajere ne yana iya shiga kai:

```
Don sa hannu kafin 14 Mayu: farashin iri zai tashi, BC-047
```

Zaɓi ɗaya, ko awa ko sakamako. Duka biyun suna sa layin ya yi tsawo har ya rasa kaifi. Mu mun fi son awa ga wanda ya riga ya san maganar, sakamako kuma ga wanda zai iya cewa «me ya sa sai Laraba?».

Akwai maɓalli a Outlook mai suna Importance haute da ke sa wa saƙo jar alamar motsin rai. Kada ka dogara da shi. Ba kowace manhajar imel ke nuna alamar ba, kuma ba ka san da wacce darakta ke karantawa a salularta ba. Ko ta gani, alamar tana da ciwon URGENT: ta ce da sauri, ba ta ce zuwa yaushe ba.

To yaushe ake rubuta «Gaggawa»? Idan abin na yinin nan ne, kuma jinkiri zai jawo asarar da ba ta gyaruwa. Ko a nan, kalmar tana tafiya da awa, «Gaggawa, kafin 15h», sau ɗaya, ba manyan baƙaƙe ba. Kuma duk abin da wa'adinsa bai kai awa uku ko huɗu ba, imel kaɗai ba ya ɗaukarsa komai kyan kansa. A aika saƙon don takarda ta kasance a rubuce, sannan a kira waya, ko a tura gajeren saƙo ta WhatsApp mai maimaita kan imel ɗin harafi da harafi, don ta same shi da bincike cikin daƙiƙa.

Wutsiyar layin

Lambar BC-047 da ke ƙarshe ba don yau aka sa ta ba. Yau darakta ba ta buƙatarta, shi ya sa take a inda salula ke yankewa. Amfaninta sai bayan wata shida, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, mai lissafi yana neman shaidar cewa an amince da odar kafin a biya. A Gmail sai ya rubuta wannan a gurbin bincike:

```
subject:BC-047
```

Duk saƙon da ke ɗauke da lambar a kansa ya fito. Kamar rubutun da ake yi a jikin buhu a tasha ne: sunan gari babba don ɗan dako ya gani daga nesa, lambar waya ƙarama a gefe don ranar da kaya suka ɓata. Sharaɗin shi ne a rubuta lambar iri ɗaya kullum. Idan yau BC-047, gobe BC 47, jibi «oda ta 47», bincike zai kawo wasu ya bar wasu.

Kuɗi fa, a sa a kai? Idan adadin ne zai sa a yanke shawara, misali ya haura iyakar da shugaban reshe ke da ikon amincewa da kansa, a sa, da lambobi da FCFA a bayansu. Kada a rubuta shi da lissafin baki na kasuwa, inda «ɗari» ke nufin sefa 500, domin abokin aikin da bai saba ƙirga da dala ba zai karanta wani abu dabam. Idan adadin ba shi ne abin dubawa ba, a bar shi a ciki. Kan saƙo yana fitowa a gilashin salula ko tana kulle, a kan tebur a tsakiyar taro, kuma sakatare na ganinsa. Saboda haka albashin mutum, rashin lafiyarsa, ko sunan wanda ake tuhuma da laifi ba sa hawa kai. «Don shawara kafin 16 Mayu: batun ma'aikaci, reshen Tawa» ya isa.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna fita daidai a Gmail da Outlook na yanzu. Tsofaffin na'urori kan mayar da su alamar tambaya ko tarkacen haruffa. Abin da ya fi wannan yawan faruwa shi ne matsalar bincike: ka rubuta «kuɗi», mai nema ya buga «kudi» saboda allon rubutunsa ba shi da ɗ, wataƙila saƙon ya ƙi fitowa. Wannan wani dalili ne na sa lamba ko sunan gari a kai.

Layin da ke ƙarƙashin kai

Guntun layin farko na jikin saƙo yana fitowa a ƙarƙashin kai ko a gefensa, kuma fili ne na kyauta da yawanci gaisuwa ke cinyewa. Taƙaita gaisuwar a farko, ka kawo dalili nan da nan, doguwar gaisuwa ta biyo baya idan ana so:

«Barka da aiki, Hajiya. Farashin da ɗan kasuwa ya ba mu zai ƙare Laraba da la'asar, motarsa kuma za ta yi lodi Alhamis da safe. Takardar tana maƙale, shafi ɗaya ce, hannunku kawai take jira a ƙasa.»

«Shafi ɗaya ce» tana aiki sosai. Mai yawan aiki yakan ɗage saƙo ne don yana tsoron zai ci masa rabin awa. Idan ya san minti biyu ne, yakan yi a tsaye.

Duba kuma sunan da ke fita a matsayin mai aikawa. Idan adireshin da ka buɗe tun kana ɗalibi ne, mai laƙabi da lambobi, gyara sunan a saitin asusunka ya zama cikakken suna, in da hali da reshe. Kan saƙo mai kyau a ƙarƙashin sunan da ba a gane ba rabin aiki ne.

Idan Talata ta yi ba amsa

An aika Litinin da ƙarfe 9. Talata da azahar shiru. Kuskuren da aka saba shi ne a buɗe sabon saƙo mai kai «Tunatarwa» ko Rappel shi kaɗai, ba takarda a ciki. Yanzu darakta tana da saƙo biyu, na biyun yana aika ta neman na farko. Abin yi shi ne tunatarwar ta tsaya da ƙafarta: a sake maƙala takardar, a ajiye kan yadda yake, a ƙara kalma ɗaya a gaba.

```
Tuni: Don sa hannu kafin 14 Mayu 12h: odar iri Keita, BC-047
```

A san cewa latsa Répondre ba ya ɗauko takardar da aka maƙala a saƙon farko, Transférer ne ke ɗauko ta. Wanda ya latsa Répondre sai ya sake maƙalawa da hannunsa.

Sauya kai yana da sakamako da ya kamata a sani. Gmail yana tara saƙonni masu kai ɗaya a zare guda, kuma idan aka sauya kan, saƙon yakan fita a matsayin sabon zare. Ga tunatarwa wannan alheri ne, don ya fito shi kaɗai da sabon kansa maimakon ya ɓuya a ƙarƙashin tsohon. A Gmail na kwamfuta, idan kana cikin amsa, latsa ƴar kibiyar da ke gefen sunan mai karɓa ka zaɓi Modifier l'objet. A Outlook, idan amsar ta buɗe a tagarta, gurbin Objet a buɗe yake, sai ka goge ka rubuta.

Wannan dabarar ce maganin wata cuta da ta fi kowace yawa a ofisoshi, wato kai irin wannan:

```
RE: RE: TR: RE: Rahoton taron Afrilu
```

Mutum yana son rubuta wa darakta, ya nemo tsohon saƙonta don kada ya sake buga adireshi, ya latsa Répondre, ya rubuta maganar odar iri a ƙarƙashin kan rahoton taron da aka gama da shi tun watan jiya. Ita kuwa ta ga kan, ta ce wannan an rufe shi. RE: da TR: ɗin kaɗai sun ci haruffa 16, fiye da rabin filin da ke tabbas. Ƙa'idar gajera ce: idan abin da ake nema ya sauya, ko wa'adi ya sauya, kai ya sauya. Idan ɗan kasuwan ya kira ya ce ya ƙara kwana biyu, a aika da sabon kai mai «Wa'adi ya koma 16 Mayu 10h: BC-047», domin barin tsohon wa'adi a kai bayan ya daina zama gaskiya daidai yake da ƙirƙiro shi.

Idan an sa wasu a Cc, misali mai lissafi da shugaban reshe, su ma kan suke gani, kuma kowannensu na iya ɗauka nasa hannun ake nema, ko kowa ya ɗauka na wani ne. Wanda ake jiran aikinsa shi kaɗai ke shiga gurbin À. Idan dole mutum biyu su shiga, a ambaci muƙamin mai aikin a kai: «Darakta, don sa hannu kafin 14 Mayu».

Gwaji kafin aikawa, da yadda ake gane kai ya gaza

Aika wa kanka saƙon, ka duba shi a salula ba tare da ka buɗe ba. Abin da ka gani a jerin shi ne kusan abin da za ta gani. Rufe sauran da yatsa ka tambayi abokin aiki da bai san maganar ba: me ake so, zuwa yaushe? Idan ya yi jim, sake jeri. Minti ɗaya ne, kuma ga saƙo mai ɗauke da miliyoyin sefa ya cancanta.

Amsoshin da kake samu suna nuna inda laifin yake. Idan aka amsa da «Na gani, na gode» ba a yi aikin ba, kan bai ambaci aiki ba, an ɗauke shi sanarwa. Idan aka yi aikin amma bayan lokaci, tare da «ai ban san na sauri ba ne», wa'adin ba ya kai ko yana bayan inda salula ta yanke. Idan aka kira ka ana tambayar «wane saƙo kake nufi?», kan saƙonka ya yi kama da wasu goma, babu gari babu lamba. Idan kuma aka ce sam ba a gan shi ba, roƙi a duba Spam ko Courrier indésirable. Manyan baƙaƙe zalla, tarin alamun motsin rai, da kalmomin kuɗi da gaggawa a haɗe suna cikin abubuwan da matatun saƙo ke zargi, musamman idan daga adireshin kyauta aka aiko kuma ba a taɓa musayar saƙo da shi ba. Ba su kaɗai ke jefa saƙo can ba, amma su ne ɓangaren da ke hannunka.

Reshen da ke yawan aika wa Yamai saƙo zai huta idan aka zauna sau ɗaya aka amince da kalmomin buɗewa ƴan kaɗan, huɗu sun isa: «Don sa hannu», «Don shawara», «Don biya», da «Sanarwa» ga abin da ba ya neman komai. Kada su wuce biyar, don mutane ba sa riƙe fiye da haka, sai kowa ya koma ƙirƙiro nasa. Ta huɗun ce ke ba sauran ƙarfi. Idan mai sayayya yana rubuta «Sanarwa: iri ya isa Keita, BC-047» da gaskiya a duk lokacin da ba ya neman komai, darakta na iya barin waɗannan sai dare hankali kwance. Bayan an saba, sakatare na iya kafa matata a Gmail ko ƙa'ida a Outlook da za ta sa wa duk saƙo mai «Don sa hannu» a kansa tambari mai launi, ta tattara su wuri ɗaya, a buga takardun a ajiye mata a tebur kafin ta fito daga taron safe.